Yadda ake ɗaura bel a kan buba ko abaya

Zancen a kan doguwar riga marar tsuke ƙugu ne, irin bubar da ake sawa a bukukuwan Abuja.

1. Ki saka rigar da takalmin da za ki fita da shi, ki tsaya gaban madubi. Karkata gefe guda: inda jikinki ya lanƙwashe, nan ne ainihin ƙugunki, ɗan sama da cibiya.

2. Zaɓi wurin ɗauri. Idan kika ɗaga bel ɗin yatsu biyu sama da ƙugu, saman rigar zai gajarce, ƙafa ta yi tsawo a ido. Wannan ya fi karɓar gajeruwar mace. Saukar da shi kan kwankwaso yana tsawaita gangar jiki, ya rage ƙafa. Ni dai sai doguwa nake ba wannan shawarar.

3. Faɗi. In tazarar ƙirji da ƙugunki kaɗan ce, ɗauki siriri, kamar inci 1. Mai inci 3 zai cinye wurin gaba ɗaya.

4. Ki ɗaura, sannan ki ja yadin sama kaɗan ya kwanto bisa bel ɗin. Ki lura, abin da kika ja daga tsawon rigar ya fita: in ta tashi daga idon sawu, sassauta. Tattarar kuwa ki mayar da ita gefe da baya. Shadda mai tauri ta fi son taruwa a gaba, sai ciki ya fito alhali babu shi.

5. Bel mai launin rigar ba ya yanke tsawo, mai wani launin dabam yana raba ki biyu. In ɗamarar yadi ce, ƙulla ta a gefe, jelar ta sauka.

6. Zauna ki gwada. Ya kamata yatsu biyu su shige ƙarƙashinsa.