Kashi 4 da ya fi kashi 5 tsada: kurakuran masu cin bashin saro kaya

Ɗan tireda a Kantin Kwari yana neman naira 100,000 ya ƙara atamfa kafin Sallah, zai biya cikin wata 10. Wani mai ba da bashi ya ce ruwansa kashi 4 cikin ɗari ne a wata, wani ya ce kashi 5. Yawancinmu na farkon za mu ruga, kuma nan ne kuskuren da aka fi yi, domin ba a tambayi a kan me ake lissafa ruwan ba.

Na farkon a kan uwar kuɗin gaba ɗaya yake ɗora ruwansa, tun daga watan farko har na ƙarshe. Kowane wata naira 4,000, wata 10 ya zama 40,000. Ko a wata na goma, da bai fi 10,000 ta rage a kanka ba, ruwan 100,000 kake biya, alhali 90,000 ta daɗe da komawa hannunsa.

Na biyun kuwa a kan abin da ya rage yake lissafi. Idan kana rage 10,000 daga uwar kuɗi duk wata, ruwan watan farko 5,000 ne, na biyu 4,500, na uku 4,000, haka zai yi ta sauka har ya kai 500. Jimilla 27,500. Ka ga mai kashi 5 ya fi mai kashi 4 sauƙi da naira 12,500. Kafin ruwan da ke raguwa ya kai waccan 40,000, sai ya ɗan haura kashi 7 a wata.

Gyaran ba wuya. Kada ka tsaya kan kashi nawa, ka ce a rubuta maka jadawalin biya, wata bayan wata, uwar kuɗi daban, ruwa daban. Idan ruwan bai motsa ba daga farko har ƙarshe, a kan uwar kuɗi aka lissafa. Amma a kula, akwai bankunan da ke daidaita biyan wata ya zama ɗaya ko da ruwan yana raguwa, don haka layin ruwan za ka duba, ba jimillar biyan wata ba.

Wani kuskuren shi ne zaton in kasuwa ta yi kyau ka biya da wuri, za a rage maka. A lissafin da ke raguwa, in ka rufe bashin a ƙarshen wata na biyar, ruwan da ka biya 20,000 ne, sauran 7,500 ya faɗi, sai dai in akwai tarar biya da wuri. A ɗayan kuwa, wasu sai sun karɓi 40,000 ɗinsu cif. Ka tambaya kafin ka sa hannu.

Sai kuɗin fom da na inshora da ake zarewa tun kafin kuɗin su shigo hannunka. In an zare 5,000, atamfar 95,000 za ka saro, ruwan kuwa na 100,000 ne.