Darasi na Bakwai: Maganin ƙaiƙayi da barcin da yake sa yara

Idan hunturu ya shigo Kano da ƙurarsa, sai ka ji yara suna ta atishawa, hanci na yoyo, ido na ƙaiƙayi. Wani yaron kuma borin jini ne zai feso masa bayan ya ci wani abu. Uwa takan aika kemis a sayo firiton, domin shi aka sani tun kaka da kakanni.

Firiton, wanda sunansa na asali kulofeniramin, tsohon magani ne, haka ma fenagan. Suna kashe ƙaiƙayi, amma suna ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa suke kawo barci. Sababbin, wato setirizin da loratadin, kaɗan ne daga cikinsu yake isa ƙwaƙwalwa. Setirizin yakan ɗan sa wasu yara gyangyaɗi, loratadin kuwa ba kasafai ba. Yaron da zai je makaranta da safe, Islamiyya da yamma, sabon maganin ya fi dacewa da shi.

Ga abin da ya faru a wani gida a unguwarmu. Yarinya 'yar shekara uku ta tashi da borin jini, fatarta ta yi rudu-rudu. Mahaifiyarta ta cika murfin awo har layin mil 5 da ruwan firiton, kamar yadda take ba yayanta mai shekara takwas. Da yake yarinyar tana ɗan tari, sai aka ƙara mata da maganin tari. Ba wanda ya duba kwalin ya ga cewa shi ma akwai kulofeniramin a ciki. Tun la'asar take barci har bayan isha'i. Da aka tashe ta cin tuwo, sai kanta ya langaɓe, leɓenta a bushe. Kakarta ta ce, "Ku bar ta, magani ne yake aiki." Ba aikin magani ba ne wannan, yawansa ne. An ninka mata awonta, sannan aka ɗora wani a kai. Allah ya kiyaye, a asibiti ta farfaɗo.

To nawa ne ya kamata ta sha? A ruwan firiton da aka saba gani, kowane mil 5 yana ɗauke da miligiram 2. Mai shekara 2 zuwa 5, mil 2.5 ne awonsa, wato rabin layin, kuma a bar aƙalla awa huɗu zuwa shida kafin a sake. Mai shekara 6 zuwa 11 shi ne ke shan mil 5. Wanda bai kai shekara biyu ba, kada a ba shi sai likita ya gan shi ya faɗi awo. Fenagan kuwa ba a ba shi sam, domin yana iya danne numfashin jariri yana cikin barci.

Da setirizin aka ba ta, irin ruwan da kowane mil ɗaya yake da miligiram ɗaya, mil 2.5 za ta sha safe da dare. Yayanta zai sha mil 5 safe da dare. Loratadin mai irin wannan ƙarfin sau ɗaya ake sha a rana: mil 5 ga yaron da ya cika shekara biyu, matuƙar nauyinsa bai wuce kilo 30 ba. Ƙarfin magani yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ki ce wa mai kemis, "Malam, nuna mini layin da zan tsaya." Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani zurfi. A yi amfani da murfin awo ko sirinjin baki.

Akwai wata ɗabi'a da ke damuna ƙwarai: a ɗura wa yaro firiton don ya yi shiru a motar tafiya ko ranar biki. Wani yaron ma maimakon barci sai ya birkice da kuka da fizge-fizge. Mafi muni, idan zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ne yake taso masa, barcin magani zai rufe alamar, a ɗauka hutawa yake.

Yaron da ke barcin lafiya, idan kin taɓa shi zai motsa, ya buɗe ido, ya sha ruwa. Idan ya ƙi farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko jikinsa na karkarwa, a ɗauke shi da kwalbar maganin zuwa asibiti mafi kusa, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Haka nan idan borin jinin ya zo da kumburin leɓe ko harshe, ko numfashi na ƙugi, kada a tsaya jiran ruwan magani ya yi aiki, allura yake buƙata nan take.

Aikin gida: ki ɗauko duk kwalaben maganin tari da na mura da ke ɗakinki, ki zo da su aji gobe, mu karanta abin da ke jikin kowacce tare.