Kafin ka nemi isomofizim, ƙirga odar mambobi

'Yan uwa masu karatun aljabara, in aka ba ku rukuni biyu masu yawan mambobi ɗaya, ku fara da ƙirga odar kowane mamba, wato sau nawa za a ninka shi da kansa kafin a dawo kan e. Isomofizim ba ya canza oda, saboda φ(xⁿ) = φ(x)ⁿ, kuma ba ya haɗa mambobi biyu wuri guda. Don haka in ƙirgen ya saɓa, magana ta ƙare.

Ku ɗauki D₄ da Q₈, kowanne mambobinsa 8. A Q₈, i² = j² = k² = −1, haka ma −i, −j, −k, duk shidan odarsu 4. Mai oda 2 guda ɗaya ne tak, −1. A D₄ kuwa, kife murabba'i iri huɗu ne, kowanne in an maimaita shi an koma e, ga kuma juyin digiri 180, wanda ɗalibai suka fi mantawa. Biyar ke nan, can kuma ɗaya.

Sai dai a kula, daidaituwar ƙirge ba hujja ba ce. Z₄×Z₄ da Q₈×Z₂ kowanne yana da masu oda 2 guda 3, masu oda 4 guda 12, amma a na farko ab = ba kullum, a na biyu ij ≠ ji.