Yadda ake yi wa hannun jari inshora da fut ba tare da kuɗin inshorar ya cinye riba ba

Samarinmu na Birnin Kebbi da Gusau masu sayen hannun jarin Amurka ta waya sun yawaita, kuma duk ranar da kasuwa ta yi ja tambayar ɗaya ce, wai ba wata hanya da mutum zai kare kansa ba sai ya sayar ba? Akwai. Ana ce mata fut, a allon dillali za ka ga an rubuta `Put`. Takarda ce da kake saye da kuɗi, ta ba ka damar sayar da hannun jarinka a wani farashi da aka yanke tun yau, har zuwa wata rana da aka sa. Dama ce ba dole ba, in farashi ya hau sai ka ƙyale ta ta mutu. Kamar mai buhunan shinkafa a Argungu ne ya ba mai injin casa wani ɗan abu kan alkawarin zai saya a kaza ko da kasuwa ta karye, in kuma ta yi tsada ya kai abinsa inda ya ga dama, ɗan abin da ya bayar dai ya tafi kenan.

Kafin mu shiga, abu biyu. Kasuwar hannun jari ta Legas ta fara cinikin kwangilolin gaba a 2022 amma kan ma'aunin NGX 30 da NGX Pension ne, ba fut irin wanda nake magana ba, don haka wannan bayani na mai jari a kasuwar Amurka ne. Na biyu, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta yanke cewa irin wannan ciniki na zaɓi kamar yadda ake yinsa a kasuwanni bai halatta ba. Ni yadda abin ke aiki nake bayani, hukunci kuma ka zauna da malaminka.

Mataki na farko, ƙirga abin da kake da shi

Kwangila ɗaya ta fut tana rufe hannun jari 100 ne cif. Wanda ke da guda 7 ko rabin guda a manhaja wannan harka ba tasa bace tukuna, shi kariyarsa kawai ya rage abin da ya zuba. Kuma ba kowace manhaja ke da shi ba, sai ka duba, sannan dillali sai ya amince maka bayan ka cike fom na musamman.

Mu ɗauki misali, lambobin ni na tsara su don lissafi amma sun yi kusa da yadda farashi ke zama a kamfani mai matsakaicin hawa da sauka. Kana da hannun jari 100, kowanne dala 100, jimla dala 10,000.

Mataki na biyu, yanke asarar da za ka iya haɗiyewa

Nan ne mutane ke fara kuskure, suna buɗe allo su nemi mafi arha. A'a, fara da kanka. Kuɗin nan yaushe kake buƙatarsu, kuma nawa za su ragu ka ci gaba da barci? Wannan amsar ita za ta zaɓa maka farashin yarjejeniya, wato abin da allo ke nunawa a ƙarƙashin `Strike`. A ce na wata uku kake dubawa ka tarar da haka: na dala 100 ana sayar da shi 4.50, na 95 kuma 2.50, na 90 ɗin 1.30. Farashin na hannun jari ɗaya ne, sai ka ninka da 100, wato dala 450 ko 250 ko 130 za su fita daga asusunka. Iyakar asararka kuma haka ake samunta:

```
(100 - 90 + 1.30) x 100 = 1130
```

Wato farashin yau, cire na yarjejeniya, ƙara kuɗin fut. Da na 90 ko kamfanin ya rushe baki ɗaya asararka ba ta wuce dala 1,130 cikin watannin nan uku. Da na 95 dala 750 ne, da na 100 kuma 450 kawai, kuɗin takardar kenan.

Toh sai mutum ya ce ai na 100 ya fi. Tsaya ka ninka da huɗu tukuna, don shekara tana da wata uku-uku har sau huɗu. 4.50 sau huɗu dala 18 kenan kan jarin dala 100, kashi 18 cikin ɗari a shekara, kuma hannun jarin da zai riƙa ba ka wannan duk shekara kafin ma ka fara ganin riba ba a kan hanya ake tsintarsa ba. Na 95 kashi 10 ne, na 90 kashi 5 da ɗan ɗoriya. Ni a ganina in dai za ka riƙa sabuntawa ne, duk abin da ya wuce kashi 4 zuwa 5 a shekara ya fita daga inshora ya zama haraji da ka ɗora wa kanka, gara ka sayar da wani kaso na jarin ka huta. Na 100 ɗin yana da wurinsa amma na lokaci ɗaya ne, misali kuɗin da ka san wata uku masu zuwa za ka cire ka biya kuɗin makaranta ko ka ƙarasa gini.

Bari mu bi na 90 mu ga abin da zai faru ranar ƙarshe. Farashi ya faɗo 70: jarinka ya yi asarar 3,000, fut ɗinka ya kai dala 20 kowane, 2,000 kenan, cire 130 da ka biya, ka tashi da asarar 1,130 maimakon 3,000. Farashi ya hau 115: ribar 1,500 ta koma 1,370, ba laifi. Amma ga wanda ke ƙona rai, farashi ya tsaya a 92. Jarinka ya ragu da 800, fut ya mutu bai ba ka ko sisi ba tunda ba a sauko ƙasa da 90 ba, ga 130 a kai, 930 kenan, ka fi wanda bai yi inshorar ba asara. Wannan ba damfara bace, abin da ka saya kenan, ka yarda asarar dala 10 ta farko kan kowane hannun jari taka ce.

Kada kuma arha ta ja ka zuwa can ƙasa irin na 70 ko 75. Lamba ƙarama ce a ido amma idan aka auna da yiwuwar a kai wajen, masu sayarwa sun fi tsuga kuɗi a nan, saboda kowa na tsoron rushewar kasuwa tun bayan abin da ya faru a Oktoban 1987.

Mataki na uku, ranar ƙarewa

Kuɗin fut ba ya ninkuwa daidai da tsawon lokaci, kuma wannan ne sirrin rage tsada. In ka ninka lokaci sau huɗu kuɗin kusan sau biyu kawai yake ninkuwa. A misalinmu fut na 100 na wata ɗaya zai kai 2.70, na wata uku 4.50, na shekara guda wajen dala 8. Mai sayen na wata-wata don ya ga ya fi arha, a ƙarshen shekara ya kashe sama da dala 32, mai na shekara ya kashe 8. Dalili shi ne darajar lokacin da ke jikin takardar tana zubewa a hankali da farko, sai a makonnin ƙarshe ta riƙa zuba da gudu, shi mai wata-wata kullum a cikin wannan gudun yake zaune.

Akwai wata illar ta gajere da ba a cika faɗa ba. In kasuwa na sauka a hankali, kowane sabon fut da za ka saya a ƙasa da na baya za ka same shi, jari ya sauko 94 naka na 90 ya mutu, ka sayi na 85, ya sauko 88 shi ma ya mutu, ka sayi na 80, haka za ka yi ta bin kasuwa ƙasa kana biya ba a taɓa biyanka ba. Irin 2022 kenan, da ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya ƙare shekara da raguwar kusan kashi 19 amma a jan ƙafa. Fut ya fi son faɗuwa irin ta 2020, da ma'aunin ya zube kusan kashi 34 tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris.

Dogon ma da nasa ciwon, kuɗi da yawa lokaci guda, kuma in jari ya hau 130 kariyarka tana nan a 90 ko 100, ribar da ke sama a buɗe take. Shi yasa da yawa ke sayen na wata shida su sayar ko su sabunta idan saura wata ɗaya zuwa biyu. In kuma wani abu takamaimai kake tsoro kamar ranar da kamfani zai fitar da rahoton ribarsa, tabbatar ranar ƙarewar tana bayan ranar rahoton, ba kafinta ba. Na wata-wata ranar Juma'a ta uku ga wata suke ƙarewa.

Mataki na huɗu, duba yanayin kasuwa sannan ka saya

Fut yana tsada lokacin tsoro. Duba ma'aunin `VIX`, idan kasuwa na kwance yakan zauna ƙasa da 20, amma ranar 16 ga Maris 2020 ya rufe sama da 82. Wanda ya je neman kariya a ranar ya biya ninkin-ba-ninkin, kuma ko jarin bai tashi ba tsoro na lafawa darajar takardarsa za ta zube.

Wajen saye ka dubi `Bid` da `Ask`, wato tayin masu saye da farashin da masu sayarwa ke nema. In ɗaya 1.25 ɗaya 1.35 da sauƙi, in kuwa 0.90 da 1.70 ne ba masu ciniki a wajen, shiga da fita kaɗai za su ci rabin kuɗinka, nemi wata ranar ko wani farashin. Zaɓi `Buy to Open`, ka sa `Limit`, wato iyakar abin da za ka biya, a tsakiyar biyun, kar ka sa `Market` da ke saye a duk farashin da aka tarar. Kuma don Allah kalli maɓallin sau biyu, sayar da fut ɗin da ba ka riga ka saya ba kishiyar abin da kake so ne, kai ne za ka zama kamfanin inshorar.

Idan kamfanoni da yawa gare ka

Saya wa kowanne nasa tsada ne, sai a sayi fut kan asusun da ke bin kasuwa gaba ɗaya kamar `SPY`. A ce ana sayar da shi dala 500, kwangila ɗaya ta rufe dala 50,000 kenan, raba jimlar jarinka da wannan ka san guda nawa. Mai dala 10,000 da ya sayi ɗaya ya wuce kariya, kashi huɗu cikin biyar na abin caca ce kan kasuwa za ta faɗi. Sannan kasuwa yake karewa ba kamfaninka ba, in naka ya faɗi shi kaɗai saboda wata badaƙala sauran na tsaye, ba abin da za ka samu.

Mataki na ƙarshe, kar ka manta da ranar

In farashi ya faɗo ƙasa da na yarjejeniya zaɓi biyu gare ka. Ko ka yi amfani da damar a karɓi hannun jarinka 100 a ba ka dala 9,000 in na 90 ka saya, ko ka sayar da fut ɗin da `Sell to Close` ka riƙe jarinka da kuɗin a hannu. In da sauran kwanaki sayarwa ta fi, don akwai ragowar kuɗin lokaci a jikinsa wanda za ka yi asararsa in ka yi amfani da shi. In kuma ka yi shiru har aka rufe kasuwa ranar ƙarshe farashi yana ƙasa da na yarjejeniya ko da santi ɗaya ne, tsarin da kansa zai zartar, ranar Litinin ka buɗe waya ka tarar an sayar da jarin da ba ka yi niyyar rabuwa da shi ba. Kasuwar New York ƙarfe 9 na dare agogonmu take rufewa, daga Nuwamba zuwa Maris kuma ƙarfe 10, sai ka sa ƙararrawa tun ranar Laraba.