Kurakuran da ke cinye jarin masu cinikin ɓallewar zangon buɗewa

Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Idan aka buɗe kasuwar hannayen jari, sai ka bar farashi ya yi kai-komo na wasu mintuna, ka ja layi a ƙololuwar da ya kai, ka ja wani a mafi ƙasan da ya sauka. Tsakanin layukan nan biyu shi ne zangon buɗewa. In farashi ya ɓalle ya haura layin sama sai ka saya, ka kafa iyakar asarar da za ka fita a kanta, ka kuma yanke lokacin da za ka sayar a ranar ko da riba ko babu. Tun 1990 wani ɗan kasuwar Amurka, Toby Crabel, ya fitar da littafi a kan wannan hanya, saboda haka ba sabuwa ba ce. Matasanmu na Kano da ke cinikin hannayen jarin Amurka ta waya sun karɓe ta ne don sauƙinta. A ganina, mafi yawan asarar da suke yi ba daga dabarar take fitowa ba, daga sauya ƙa'idojinta ne bayan kuɗi sun riga sun shiga kasuwa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce jarinka dala 2,000 ne, ka kuma yanke cewa ba za ka yi asarar fiye da kashi 1 cikin 100 a ciniki ɗaya ba, wato dala 20. A mintuna 15 na farko, hannun jarin da kake bi ya hau zuwa 50.60, ya sauka zuwa 50.00. Faɗin zangon santi 60 ke nan.

Kafin ma a kai ga lissafi, akwai tuntuɓen agogo. Kasuwannin New York da Nasdaq suna buɗewa da ƙarfe 9:30 na safe agogonsu, su tashi da 4:00 na yamma. Amurka tana juya agogonta sau biyu a shekara, Najeriya ba ta yi. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba, buɗewar tana kamawa da 2:30 na rana a Kano, tashi kuma 9:00 na dare. Sauran watannin, 3:30 na yamma ne zuwa 10:00 na dare. Wanda ya saba da 2:30, in bai lura ba, a makon farko na sauyin zai ja layukansa a kan cinikin share fage da ake yi kafin buɗewa, lokacin da masu saye da sayarwa kaɗan ne. Zangon da aka samu a nan ba shi da ƙima. Ka saita jadawalin farashinka a agogon New York, ka kashe nunin cinikin da ake yi a wajen lokutan kasuwa, shi ke nan. Sannan a watannin sanyi buɗewar tana faɗowa dab da La'asar. Ka tsara tun da wuri yadda za ka yi, maimakon ka dawo daga masallaci ka tarar farashi ya yi nisa ka bi shi a guje.

Kuskure na biyu shi ne gaggawar shiga. Sau da yawa farashi yakan leƙa saman layi da santi biyu ko uku, ya kwashi masu jira a can, ya koma ciki. Mai zaune a shagonsa a Farm Centre, ido a waya, yana ganin 50.62 ya haska sai yatsa ya riga tunani. Minti biyu bayan nan farashi yana 50.35, shi kuma yana riƙe da kaya. Gyaran shi ne ka jira kyandir ɗin minti biyar, wato sandar da ke nuna motsin farashi na minti biyar a jadawali, ya rufe a saman layin, ka kuma duba ko yawan hannayen jarin da aka yi ciniki a wannan kyandir ya fi na waɗanda suka gabace shi. Wannan jira yana da kuɗinsa, don za ka saya da ɗan tsada. A misalinmu a ce ka samu shiga a 50.70. Ba zai hana ɓallewar ƙarya gaba ɗaya ba, ragewa kawai yake yi. Haka kuma tsawon zangon: ko minti 5, ko 15, ko 30, kowanne yana da masu amfani da shi, amma ka riƙe ɗaya. Wanda yau 5 gobe 30, gwargwadon wanda ya ba shi uzurin shiga, ba dabara yake bi ba.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi kuwa shi ne sayen adadi ɗaya kullum ba tare da duba faɗin zango ba. Iyakar asara a wannan dabara galibi ƙasan zangon ake kafa ta, a ce 49.95. Daga 50.70 zuwa 49.95 santi 75 ne a kan kowane hannun jari. Raba dala 20 da santi 75, ka samu 26 da ɗoriya, sai ka sayi 26. Kuɗinsu dala 1,318.20, yana cikin jarinka ba sai ka ci bashin dillali ba. In ciniki ya ɓaci, asararka dala 19.50.

To, washegari labari ya fito a kan kamfanin, zangon ya buɗe baki, tazarar shigarka da iyakarka ta zama dala 1.90. Lissafi ya ce ka sayi 10 kacal. Wanda ya ce ai shi 26 ya saba saye, ya ɗora wa kansa haɗarin dala 49.40, ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya, kuma a ranar da kasuwa ta fi hauka. Akasin haka ma yana da tarko. Ranar da zangon ya tsuke, tazarar ta zama santi 25, lissafi zai ce ka sayi 80, wato kayan kusan dala 4,000, ninki biyu na jarinka. A nan jarinka ne iyaka, ba lissafin ba. Iyakar da ta matse haka kuma ɗan motsin kasuwa na yau da kullum ya isa ya taɓa ta. Shi ya sa nake ganin ya kamata mutum ya rubuta mafi ƙarancin faɗi da mafi yawan faɗin da zai yarda da shi ga hannun jarin da yake bi, in zango ya fita daga nan ya bar ranar ta wuce. Da mugun rawa gara ƙin tashi.

Sai iyakar asarar da ke cikin kai kawai. "Zan fita da hannuna in ya kai 49.95," in ji mai ciniki. A garin da wuta kan ɗauke ba sallama, sabis ya tsinke a tsakiyar ciniki, wannan magana ba ta da amfani. Ko da sabis yana nan, idan farashi ya iso wurin, zuciya za ta ce a ƙara masa santi 20 ko zai juyo. Da zarar an cika maka saye, ka aika da umarnin `Stop` ya zauna a wajen dillali, yadda ko wayarka ta mutu zai yi aikinsa. Amma ka san iyakarsa: idan farashi ya taɓa 49.95, umarnin yana komawa na sayarwa a kan duk farashin da ke kasuwa. A lokacin ruguguwa za a iya sayar maka a 49.80. Akwai `Stop Limit` da ke hana a sayar ƙasa da farashin da ka faɗa, sai dai farashi zai iya tsallake shi ya bar ka da kayan a hannu. Ga wannan dabara na fi son na farkon, gara a fitar da ni da ƙarin asarar santi 15 da a bar ni a ciki.

Batun lokacin fita mutane suna karya shi ta fuska biyu, kuma ba su cika ganin ta farkon a matsayin kuskure ba. Farashi ya hau 51.10, riba ta kai dala 10 da ɗan kai, sai mutum ya sayar ya ce Alhamdulillahi. Godiya daidai ce, lissafin ne bai fita ba. Wannan dabara tana faɗuwa sau da yawa, ranakun da farashi ya miƙe hanya ɗaya har yamma su ne ke biyan bashin sauran. Ka ƙaddara a ciniki 10 ka faɗi 6, kowanne dala 20, asara 120 ke nan. Dole huɗun da suka rage su kawo dala 30 kowanne kafin ka dawo da uwar kuɗi. In kana tsinke su a dala 10, ka tara 40 ka zubar da 120. Amfanin tsayayyen lokaci shi ne ya hana hannunka taɓa cinikin da ke tafiya daidai. A misalinmu, a ce lokacin fitarka minti 15 kafin tashi, 8:45 na dare agogon Kano a watannin da ake buɗewa 2:30, farashi kuma yana 51.90. Ribar dala 1.20 sau 26, dala 31.20.

Fuska ta biyu ta fi muni. Lokaci ya yi, farashi yana 50.30, bai taɓa iyaka ba amma ana cikin asara, sai a ce bari a kwana da shi. Kamfanonin Amurka sun saba fitar da rahoton ribarsu bayan an tashi kasuwa ko kafin a buɗe. In labarin bai yi daɗi ba aka wayi gari farashi ya buɗe a 46.00, iyakarka ta 49.95 ba ta da inda za ta kama, a 46.00 ko kusa da nan za a sayar. Asarar dala 122.20 ke nan, ta ciniki shida a dare ɗaya. In kuma umarnin naka `Day` ne, wato na wuni ɗaya, ya riga ya mutu tun da aka tashi. Ka sa ƙararrawa a waya, ka sayar idan ta kaɗa, ka kuma tabbata ka soke umarnin iyakar da ya rage. Ka lura da ranakun rabin wuni ma, irin Juma'ar da ke bin bikin godiyar Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, da ake tashi da 1:00 na ranarsu, 7:00 na yamma a nan.

Wani abin da ake yawan tsallakewa shi ne ladan dillali. In manhajar da kake amfani da ita tana cirar kaso daga kuɗin ciniki, a ce kashi 1 cikin 100 a saye da kuma a sayarwa, wancan cinikin mai kyau zai biya sama da dala 26, ya bar maka ƙasa da 5 daga ribar 31.20. Ranar faɗuwa kuma asarar ta haura 45. Da irin wannan lada dabarar ta mutu tun kafin a fara, komai ƙwarewarka. Ka lissafa ladan shiga da fita a kan dala 20 ɗinka, in ya cinye babban kaso, matsalar ta dillali ce, ba ta layukanka ba.

Akwai kuma ranar da farashi zai ɓalle ta ƙasa. A tsarin asali sai a aro hannun jari a sayar don a saya da araha daga baya. Wannan ya ƙunshi sayar da abin da ba ka mallaka ba da asusun bashi mai ruwa, abin da malamai suke da magana mai ƙarfi a kansa. Wanda ya zaɓi ɓallewar sama kaɗai zai samu ranaku da yawa da ba ciniki, kuma sakamakon gwajin da wani ya yi da ɓangarorin biyu ba nasa ba ne. Sai ya buɗe littafinsa, ya rubuta faɗin zango, farashin shiga, iyaka, adadi, farashin fita da lada na kowace rana, ya gwada a takarda na tsawon watanni kafin ya sa dalarsa.