Kurakuran da muke yi wajen lissafin kuɗin awa ɗaya na injin surfani

Akwai wani ɗan'uwa tela a Agege da ya sayi injin surfani na kwamfuta mai kai ɗaya, shekara biyu yana aiki ba dare ba rana, ranar da injin ya tsaya cak sai ga shi ko kuɗin gyara babu. Na ce masa malam nawa injin nan yake ci maka a awa ɗaya? Ya ce ai zare ne kawai da wuta. To a nan matsalar take. Muka zauna a bencin ƙofar shago muka yi lissafin da biro a bayan kwalin shadda.

Kuskure na farko kuma mafi muni shi ne awannin da ake raba kuɗin da injin ke ci a shekara da su. Shi yana buɗe shago awa 10 kullum, kwana 6 a sati, sai ya ɗauka injin na aiki sama da awa 3,000 a shekara. Ina! Cire lokacin ɗaura yadi a firam, canza zare, zare ya tsinke ka tsaya ka zura, jiran kwastoma ya zaɓi zane, salla, cin abinci, ga watannin bayan babbar salla da kasuwa ke mutuwa murus, da ƙyar allura take motsi awa 5 a rana. Awa 5 sau kwana 6 sau sati 50, awa 1,500 ke nan. Idan ka raba da 3,000 ka yaudari kanka da rabi tun kafin ka fara. Gyaran mai sauƙi ne, ajiye littafi kusa da injin ka rubuta lokacin da ya tashi da lokacin da ya tsaya na wata guda.

Na biyu, mantawa cewa injin yana tsufa. Ya saye shi naira 3,600,000 har da kuɗin mota da na mai haɗawa, muka ƙiyasta bayan shekara 5 zai sayar da shi 600,000. Saura miliyan 3 a shekara 5, wato 600,000 a shekara, raba da 1,500, naira 400 a kowace awa. Kuɗin nan ba riba ba ce, na injin da zai maye gurbin wannan ne, amma shi da su yake cefane.

Sai wuta. Mutane suna duba mita kawai su manta da janareta. Injin da kwamfutarsa suna jan wajen rabin kilowat, idan kana Band A a rukunonin kuɗin wuta, wanda tun Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, kusan naira 105 ke nan a awa. Amma rabin aikinsa a janareta yake yi, janaretan yana shan kamar lita ɗaya a awa, muka sa lita a 900, kekuna uku ke kan janaretan don haka kason wannan injin 300. Ka haɗa 105 da 300 ka raba biyu, a ce 200. Duk ran da fetur ya tashi a sake wannan lissafin.

Gyara kuwa kada ka ɗauki na wata ɗaya, don akwai watan da ba ka kashe komai sai man keke da allurai, wani watan kuma wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona fanel. Tattara na shekara. Nasa ya kama 225,000, wato 150 a awa.

Wurin da injin ya tare, wannan kam kusan kowa na tsallake shi, wai ai dama ina biyan haya. A Legas? Shagonsa mita 4 ne da 5, hayar shekara 1,200,000 idan aka haɗa da kason kuɗin ejan. Kuma kar ka auna ƙafafun injin kaɗai, haɗa da inda yaro ke tsayawa da inda ake jingine firam, duka ya cinye kwata na shagon. 300,000 raba 1,500, naira 200.

Jimla 950 a awa. Wuyan kaftani mai cin minti 40 ya ci wajen 630 tun ba a sa zare da fefa da kuɗin yaro ba, shi kuwa yana karɓar 1,000 yana murna.

Sannan na ce ya kira dila ya tambayi farashin sabo yau, tunda injinan nan daga waje ake shigo da su kuma naira ta faɗi sosai tun 2023. Aka ce masa 5,100,000. Da wannan farashin kuɗin tsufa ya koma 600 a awa, jimla 1,150, kuma ni da wannan nake lissafi don shi ne kuɗin da zai nema ranar da na yanzu ya mutu. Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce wa yaronsa ya miƙo masa littafin farashi.