Darasi na 9: Hanya biyu ta mayar da rubutu PDF

A ce Malama Rabi ta rubuta rahoton ƙungiyarsu mai shafi 40 a Word, a wani shagon kwamfuta da ke Samaru. Rahoton yana da babi biyar, kuma a shafi na uku ta rubuta "danna nan", ta ɓoye adireshin intanet a ƙarƙashin kalmomin. Yaron shago ya danna Ctrl+P, ya zaɓi Microsoft Print to PDF, ya tura mata fayil. Da ta buɗe a waya, komai ya fito tsaf. Amma ta taɓa "danna nan" har sau uku, shiru kake ji.

Me ya faru? Microsoft Print to PDF, wadda ke zuwa tare da Windows 10 da 11, firinta ce ta jeka-na-yi-ka: ba tawada, ba takarda. Word kuwa ya ɗauka firintar gaske ce, sai ya miƙa mata abin da ido ke gani kawai. Tunda ba a danna takarda da yatsa, adireshin da ke ɓoye ya zube a hanya. Launin shuɗin da jan layin suna nan, amma fanko ne. Wani abu yana ruɗin mutane: idan an rubuta adireshin ɓaro-ɓaro, wasu manhajojin karatu kan gane shi da kansu, ya buɗe. Wannan dabarar manhajar ce, ba aikin firintar ba.

Hanya ta biyu ita ce Word ya haɗa fayil ɗin da kansa, shi da ya san inda ya ajiye komai. A shiga File, a zaɓi Export, sai Create PDF/XPS Document, a danna maɓallin Create PDF/XPS. Kada a yi gaggawar danna Publish. A fara buɗe Options, a sa alama a Create bookmarks using, a zaɓi Headings. Wannan ne zai samar da jerin babi-babi a gefen shafi, wanda za a taɓa a faɗa babi na huɗu kai tsaye. Sai dai da sharaɗi: dole a ce an yi kanun babin da salon kanu na Word, kamar Heading 1. Ƙara girman haruffa da kaurara su bai wadatar ba, Word ba zai san kanu ba ne.

Neman kalma kuwa, yawanci yana aiki ta hanyoyin biyu. Shafin da aka ɗauki hotonsa aka liƙa ne ba ya nemuwa ko ta wace hanya.

Aikin gwaji: fitar da rubutu ɗaya ta hanyoyin biyu. Buɗe kowanne, danna Ctrl+F, rubuta "ƙungiya". Mun zaɓi wannan kalma ne saboda harafin ƙ, domin wani lokaci haruffa masu lanƙwasa kan fito daidai a ido amma nema ya kasa gano su. Sannan danna kalmomin da aka ɓoye adireshi a ƙarƙashinsu, ka faɗa wa malami wanne ya buɗe.